Fashin baƙi: yadda bairos ɗin shotkot ke ɓoye fayiloli a filash, da yadda ake fito da su

Idan ka jona filash a kwamfuta ka tarar foldojinka duk sun fito da wata 'yar kibiya a gindinsu, ko kuma ka tarar da shi fayau kamar sabo alhali ka san aikin wata shida na ciki, to kada ka yi fomat, kuma kada ka buɗe komai tukuna. A mafi yawan lokuta fayilolin suna nan inda ka bar su, ba a goge ko ɗaya ba. Ɓoye su aka yi. Fito da su aikin layi ɗaya ne na rubutu. Abin da ke ba mutane wuya shi ne su fito da su yanzu, kafin su miƙe daga kujera sun sake ɓacewa, kuma dalilin haka ne ya fi cancantar a tsaya a kansa.

Mu ɗauki misali guda mu bi shi har ƙarshe. Wata ɗalibar ajin ƙarshe tana da filash mai gigabait 8. A ciki akwai folda uku, `Furojet` da `Hotuna` da `Karatu`, sai takarda ɗaya a waje mai suna `CV.docx`. Ta kai shi shagon buga takardu na bakin makaranta aka buga mata babi na uku. Da ta dawo ɗaki ta jona a laftof ɗinta, komai yana nan da sunansa da kamanninsa, har ta latsa `Furojet` ya buɗe ta ci gaba da aiki. Abin da ta ɗan lura da shi kawai, wani baƙin akwati ya ƙyafta a fuskar kwamfutar ya ɓace, sannan foldar ta buɗe a sabuwar taga maimakon wadda take ciki. Bayan kwana biyu ta ba ƙawarta filash ɗin. Kwamfutar ƙawar tana da antibairos mai rai, nan take ya yi ƙara ya ce ya kama wani abu ya cire. Da aka buɗe filash, babu komai. Sai magana ta zama "antibairos ɗinki ya cinye min furojet."

Antibairos bai ci komai nata ba. Abin da ya goge na bairos ne. Don a gane haka sai an san abin da ya faru a shagon can cikin daƙiƙun farko.

Abin da aka yi wa filash ɗin

Kowane fayil da kowace folda a filash suna da ɗan rajista a teburin da ke riƙe da sunaye. A tsarin FAT32, wanda yawancin ƙananan filash ke zuwa da shi daga kamfani, wannan rajista bait 32 ne, kuma bait ɗaya a cikinsu an ware shi don alamomi. Alama mai lamba 1 tana nufin a karanta kawai ba a canzawa. Mai lamba 2 tana nufin ɓoyayye. Mai lamba 4 tana nufin wannan fayil na tsarin kwamfuta ne, a kiyaye shi daga hannun mai amfani. Windows yana kiransu `R` da `H` da `S`. Bairos ɗin yana bin duk abin da ke farkon filash, folda ne ko fayil, ya ɗora masa 2 da 4 tare. Shi ke nan. Bai kwafe hotunanta ba, bai matsar da su ba, bai taɓa abin da ke cikin takardun ba. Shi ya sa yake iya ɓatar da gigabait uku cikin ƙiftawar ido: abu huɗu ne a farkon filash ɗin ɗalibarmu, alamomin waɗannan huɗun kawai ya canza.

Haɗa alamomin biyu da gangan ne. Mutane da yawa sun san hanyar shiga `View` su kunna `Hidden items`, kuma sukan yi hakan su ga ba abin da ya fito, sai su yanke cewa lallai an goge. Wannan maɓallin yana nuna mai alamar `H` kaɗai. Wanda ke ɗauke da `H` da `S` a tare yana ƙarƙashin wani saiti daban mai suna `Hide protected operating system files (Recommended)`, wanda ke can cikin `Folder Options`. Ko ka cire wannan ma ka ga foldar, idan ka shiga `Properties` ɗinta za ka tarar akwatin `Hidden` ya dushe, ba ya latsuwa. Da linzami kaɗai ba za ka iya sauke alamar ba.

Bayan ɓoyewa sai ya ajiye kansa a filash ɗin, galibi wani ƙaramin fayil mai ƙarewa da `.vbs` ko `.js`, shi ma ya ɓoye shi. Sannan ya ƙirƙiri shotkot ga kowane abu da ya ɓoye, da suna iri ɗaya da hoto iri ɗaya: folda ta samu hoton folda, takardar Word ta samu hoton Word. Shotkot ba fayil ba ne mai ɗauke da kaya, ɗan umarni ne da ke ce wa kwamfuta je ki buɗe abu kaza. Idan ka dama-latsa shotkot ɗin `Furojet`, ka shiga `Properties`, ka karanta layin `Target`, za ka ga wani abu mai kama da wannan:

```
C:\Windows\system32\cmd.exe /c start abcd.vbs&start explorer Furojet&exit
```

A karanta shi a hankali, umarni uku ne a jere. Na farko ya tada bairos. Na biyu ya buɗe ainihin foldar da aka ɓoye. Na uku ya rufe baƙin akwatin. Wannan ne akwatin da ɗalibar ta ga ya ƙyafta, kuma shi ya sa foldar ta buɗe a sabuwar taga. Ta samu abin da ta nema, don haka ba ta zargi komai ba, amma a daidai wannan latsawar laftof ɗinta ya kamu.

Wannan dabara ta yaɗu ne bayan an toshe wata. A da, bairos irin su Conficker na 2008 suna dogara da fayil ɗin `autorun.inf`, wanda ke sa Windows ya tada shiri daga filash ba tare da wahala ba. Microsoft ya rufe wannan ƙofa ga filash a Windows 7, sannan a Fabrairun 2011 ya tura gyaran ga masu XP da Vista. Da kwamfuta ta daina tada bairos da kanta, sai masu rubuta shi suka koma sa mai kwamfutar ya tada musu da hannunsa. Ma'anar wannan a aikace ita ce, a kwamfutar da ke samun sabuntawa, jona filash mai irin wannan bairos kaɗai ba ya kamar da ita. Latsa shotkot ne ke yi. Na ce mai samun sabuntawa ne saboda akwai tsohuwar ɓaraka da wani bairos mai suna Stuxnet ya yi amfani da ita, inda nuna hoton shotkot kaɗai ya isa. An toshe ta a Agustan 2010, amma tsohuwar kwamfutar da ba a taɓa sabunta ta ba tana nan da ita.

Tabbatar da cewa kayan suna nan

Kafin a rubuta kowane umarni, a buɗe `This PC`, a dama-latsa filash ɗin, a zaɓi `Properties`, a duba `Used space`. Filash mai gigabait 8 yakan nuna kusan 7.4 a jimla, wannan ba matsala ba ce, bambancin lissafi ne tsakanin masu ƙerawa da Windows. A misalinmu, wurin da aka cika zai nuna wajen gigabait 3, alhali ido ba ya ganin komai. Wannan lambar ita ce shaidar cewa aikin yana nan. A nan kuma za a lura da harafin da kwamfuta ta ba filash ɗin. Mu ce `E:` ne. Naka yana iya zama `F:` ko `G:`, kuma yana canzawa daga kwamfuta zuwa kwamfuta, don haka a duba kowane lokaci.

Sai a danna maɓallin Windows tare da `R`, a rubuta `cmd`, a danna `Enter`. A baƙin akwatin a rubuta:

```
dir /a E:\
```

Wannan umarni ba ya canza komai, kallo kawai yake. `/a` ɗin yana cewa a nuno duk abin da ke wurin ko wace alama yake ɗauke da ita. Ɗalibarmu za ta ga `Furojet` da `Hotuna` da `Karatu` kowanne da `<DIR>` a gabansa, ga `CV.docx` da girmanta. Idan antibairos bai riga ya share ba, za a ga tagwayensu masu ƙarewa da `.lnk`, kowanne bai wuce kilobait ɗaya ko biyu ba, da kuma fayil ɗin `.vbs` da ba ta san da shi ba. Wannan kallon yana da amfani na musamman domin tagar Windows ta yau da kullum ba ta taɓa nuna ƙarshen `.lnk`, ko da ka kunna `File name extensions`. A can abin da zai tona shotkot sai 'yar kibiyar, ko ka sa jerin ya koma `Details` ka ga an rubuta `Shortcut` a ƙarƙashin `Type`. Folda ta gaskiya ba ta nuna girma a wannan jerin. Duk foldar da ka ga an rubuta mata 1 KB ko 2 KB, ba folda ba ce.

Kwamfutar ake fara yi wa magani

A nan ne yawancin bayanan da ake yawo da su suke tsallake, su wuce kai tsaye zuwa umarnin fito da fayiloli. Bairos ɗin da ke filash a kwance yake, ba ya komai sai an tada shi. Mai aikin yana cikin kwamfuta. Ɗaya daga cikin waɗanda suka fi yaɗuwa, wanda aka sani da H-Worm ko Houdini tun 2013, Microsoft kuma yake kiran danginsa Jenxcus, yana kwafe kansa zuwa foldar `%temp%` ko `%appdata%`, ya sa kwafi a foldar `Startup`, ya kuma rubuta sunansa a rajistar Windows ƙarƙashin `Run` domin ya tashi duk lokacin da aka kunna kwamfuta. Daga nan sai ya shiga zagaye: ya duba ko akwai filash a jone, ya ɓoye abin da ke ciki, ya ɗan huta na daƙiƙa biyar ko makamancin haka, ya sake. Gyara filash a kan irin wannan kwamfutar kamar wanke guga ne a mayar da shi gurɓatacciyar rijiya. Za ka ga foldojin sun fito, ka yi hamdala, kafin ka kai linzami kansu sun koma.

Akwai gwaji mai sauƙi da zai gaya maka ko kwamfuta ta kamu. Ka samo filash da ba kowa a ciki, ka ƙirƙiri folda ɗaya a kansa, ka bar shi a jone minti biyu. Idan foldar ta rikiɗe ta zama shotkot, an gama magana. Wata alamar ita ce ka cire saitin ɓoye fayilolin tsari, ka danna `OK`, ka koma ka tarar ya mayar da kansa, ko `Task Manager` ya ƙi buɗewa.

Idan akwai wata kwamfutar da ka tabbatar da lafiyarta, yi aikin filash a can, shi ne mafi sauƙi. Idan babu, a cire filash ɗin tukuna. A buɗe `Task Manager`, a shiga `Details`, a nemi `wscript.exe`. Shi kansa wannan shirin na Windows ne halattacce, aikinsa gudanar da fayilolin `.vbs` da `.js`, don haka ba a goge shi. Amma a kwamfutar gida ko ta ɗalibi, da wuya a sami dalilin da zai sa yana zaune yana aiki ba dare ba rana. A tsayar da shi:

```
taskkill /f /im wscript.exe
```

Tsayarwa ce kawai, zai dawo da an sake kunna kwamfuta idan ba a cire tushensa ba. Don haka a danna Windows da `R`, a rubuta `shell:startup`, a duba foldar da ta buɗe. Duk fayil ɗin `.vbs` ko `.js` da ba kai ka sa ba, a goge. A duba `%temp%` da `%appdata%` a nemi mai suna iri ɗaya da wanda aka gani a layin `Target`. A shafin `Startup` na `Task Manager` kuma, abin da ya fito da sunan `Microsoft Windows Based Script Host` abin zargi ne, a kashe shi. Masu gyara sukan yi amfani da Autoruns, ƙaramin shiri na kyauta daga Sysinternals na Microsoft, wanda ke jero duk abin da ke tashi tare da kwamfuta da inda yake zaune.

Duk da haka ni ban yarda a tsaya a aikin hannu ba. A sabunta antibairos, sannan a Windows 10 ko 11 a shiga `Windows Security`, `Virus & threat protection`, `Scan options`, a zaɓi binciken `Microsoft Defender Offline`. Kwamfutar za ta kashe kanta ta tashi a wani yanayi na daban, ta yi bincike kafin bairos ya samu damar tashi, kimanin minti 15. Sabuntawar tana cin data, na sani, kuma shi ne dalilin da ya sa kwamfutocin shagunan buga takardu da na masu tura karatu da finafinai a memori suke shekara ba su ga intanet ba, alhali filash da katin memori na mutane daban-daban suna shiga suna fita daga safe zuwa dare. Amma antibairos da bai san sababbin sunaye ba, kallon bairos zai yi ya wuce.

Umarnin kansa

Yanzu a mayar da filash, a sake tabbatar da harafinsa, a rubuta:

```
attrib -h -s -r /s /d E:\*.*
```

Alamar ragi tana nufin a sauke. `-h` ya sauke ɓoyewa, `-s` ya sauke alamar tsari, `-r` ya sauke hana canzawa. `/s` ya ce a shiga har cikin foldojin da ke ƙasa, `/d` ya ce a yi wa foldojin kansu, ba fayiloli kaɗai ba. Wanda ya manta `/d` zai ga `CV.docx` ta fito amma `Furojet` shiru, domin ita folda ce. Wanda kuma ya rubuta `-h` kaɗai zai samu amsar `Not resetting system file`, saboda Windows ba ya yarda a sauke ɗaya a bar ɗaya idan suna tare. A kula da tazara tsakanin kowane yanki. Yawancin masu cewa "na gwada bai yi ba" tazara suka haɗe, ko suka juya sandar `\` ta koma `/`.

Idan ya yi nasara ba ya cewa komai. Alamar rubutu za ta tsaya na ɗan lokaci, sannan sabon layi ya fito. A filash mai hotuna dubbai yana iya ɗaukar mintuna, a bar shi ya gama, kada a zare. Idan ya rubuta `Access denied` a kan `System Volume Information`, ba komai, foldar Windows ce, ba ruwanta da kayanka.

Akwai masu koyar da a fara rubuta `E:` a danna `Enter`, sannan a rubuta umarnin ba harafi. Yana aiki, amma ban so shi ga wanda bai saba ba. Idan matakin farko ya kuskure, kana nan a kan `C:` ba ka sani ba, sai ka sauke alamomin fayilolin kwamfutarka, ko ka goge abin da ba shi ka nufa ba. Rubuta cikakken harafin a cikin kowane umarni ya fi aminci.

Abin lura mai muhimmanci: umarnin bai san naka da na bairos ba, duka zai fito da su. Wato fayil ɗin `.vbs` yanzu yana fili kusa da `Furojet`, latsawa biyu kawai ke tsakaninka da komawa farko. Kuma kowane abu zai bayyana sau biyu, na gaskiya da shotkot ɗinsa. A share su daga baƙin akwatin, ba tare da kai linzami kusa ba:

```
del E:\*.lnk
del E:\*.vbs
del E:\autorun.inf
```

Idan abin da `dir /a` ya nuna mai ƙarewa da `.js` ne ko `.vbe`, sai a sa wannan a madadin. Umarnin da bai samu abin gogewa ba zai ce `Could Not Find`, ba laifi. A tuna cewa abin da `del` ya goge ba ya zuwa kwandon shara, don haka a karanta layin sau biyu kafin `Enter`. Kuskuren rubuta `E:\*.*` a gaban `del` zai tafi da `CV.docx` da duk fayil ɗin da ke farkon filash, duk da cewa yakan tambaya ko ka tabbata.

Da an ga kayan, abu na farko shi ne a kwafe su zuwa kwamfuta, folda-folda, waɗanda aka sani kaɗai, ba a zaɓi duka a ja ba. A sa antibairos ya binciki abin da aka kwafa. A buɗe takardu biyu ko uku a ga suna karantuwa. Sai a lokacin ne fomat yake da ma'ana, kuma a lokacin ina ba da shawarar a yi shi, a mayar da kayan kan filash mai tsabta.

Idan shotkot ɗaya ne tak

Akwai wani nau'in da salonsa daban. Ka buɗe filash ka tarar da abu ɗaya kawai, shotkot mai hoton filash da sunan filash ɗin, wani lokaci har da girmansa a baka, kamar `Removable Drive (8GB)`. Wannan aikin Gamarue ne, wanda ake kuma kira Andromeda. Shi yana ƙirƙirar folda ne ya ba ta sunan da ido ba ya gani, wani harafi mai kama da tazara, ya kwashe komai ya zuba a ciki, ya ɓoye ta. A layin `Target` nasa za a ga `rundll32.exe` da wani suna mai tarkacen alamomi. Umarnin `attrib` ɗin nan dai shi ne maganin, amma bayan ya gama ba za ka ga `Furojet` a fili ba. Za ka ga folda marar suna, sau da yawa da hoton filash maimakon na folda. A tabbatar `Type` ɗinta ya ce `File folder`, a zaɓe ta, a danna `F2`, a ba ta suna, a shiga. Kayan suna ciki, tare da 'yan fayilolin da ba naka ba masu baƙin suna. Naka kaɗai za ka ɗauka. Wannan nau'in ba ya zama a cikin `wscript.exe`, yana laɓewa ne a cikin wasu shirye-shiryen Windows, don haka `taskkill` ɗin can ba zai taɓa shi ba. Sai binciken antibairos.

Ɗan'uwan waɗannan kuma shi ne mai ɓoye folda ya ajiye shiri mai hoton folda a madadinta, `Furojet.exe`. Shi ba shi da kibiya, don haka ya fi yaudara. Kunna `File name extensions` yana tona shi, kuma `Type` zai ce `Application`.

Ga wanda ba shi da kwamfuta mai lafiya a kusa, waya tana taimakawa. Idan aka jona filash a wayar Android ta kan OTG, galibin manhajojin duba fayil ba su damu da alamomin `H` da `S` ba, sai su nuna foldojin a fili, kuma `.vbs` da `.lnk` ba sa aiki a waya. Ana iya kwashe furojet ɗin a nan a tura wa kai ta imel. Wannan ceton kaya ne, bai warkar da filash ɗin ba.

Inda umarnin ba zai yi komai ba

`attrib` alama yake saukewa, ba ya dawo da abin da aka goge. Idan `Used space` ya nuna kusan sifili, matsalar daban ce. Haka idan Windows yana cewa `You need to format the disk in drive E: before you can use it`, wannan teburin sunayen ne ya lalace, sau da yawa saboda zare filash yana tsakiyar rubutu, kuma amsar ita ce `Cancel`. Wanda ya riga ya yi fomat cikin ruɗani, idan `Quick Format` ne, akwai sauran fata: kada ya ƙara ajiye ko fayil ɗaya a filash ɗin, ya nemi shiri irin PhotoRec ko Recuva, ya kuma ajiye abin da aka tono a wani wurin, ba kan filash ɗin ba. PhotoRec yakan dawo da fayiloli ba tare da sunayensu na asali ba, sai an bi ɗaya bayan ɗaya. Idan kuwa an cire alamar `Quick Format` aka yi cikakke, tun daga Windows Vista wannan yana bin filash ɗin gaba ɗaya ya rubuta sifili, babu abin da zai dawo.

Sai kuma filash na jabu, wanda aka rubuta masa gigabait 64 alhali ainihin cikinsa bai kai haka ba. Shi sunayen fayiloli suna fitowa lafiya lau, amma idan ka buɗe sai su ƙi, musamman waɗanda aka zuba daga baya. Ana yawan ɗora wa bairos laifin wannan, alhali kayan ba su taɓa samun wurin zama ba tun farko.

Abu na ƙarshe da ba na son a raina: ɓoye fayiloli ba shi ne manufar waɗannan bairos ba, hanyar tafiyarsu ce kawai. H-Worm yana tuntuɓar mai shi ta intanet, yana karɓar umarni, yana iya sauko da wasu shirye-shirye, ya kuma fitar da fayiloli daga kwamfutar. A tsakiyar 2014 sai da Microsoft ya je kotu ya karɓe wasu adiresoshin kamfanin No-IP saboda Jenxcus da wani bairos mai suna Bladabindi. Hukumomin tsaro na Turai da Amurka tare da Microsoft da kamfanin antibairos na ESET sun wargaza cibiyoyin Andromeda a ƙarshen 2017, amma kwafinsa sun ci gaba da yawo a filash. A farkon 2023 kamfanin Mandiant ya bayyana cewa wasu masu leƙen asiri sun sake yin rajistar tsofaffin adiresoshinsa da wa'adinsu ya ƙare, suka bi ta nan suka shiga kwamfutar wata ma'aikata a Yukiren da ta kamu ta hanyar filash. Don haka ɗalibarmu, bayan ta ga babi na uku da na huɗu sun buɗe lafiya, akwai sauran aiki: ta canza kalmar sirrin imel ɗinta da ta shafin makaranta da duk wani asusu da ta shiga a laftof ɗin tun ranar da ta dawo daga shagon, kuma ta yi canjin daga waya ko bayan an gama wanke kwamfutar. Ta sanar da duk wanda ya ari filash ɗin a kwanakin. Ta kuma koma ta gaya wa mai shagon, cikin mutunci, "Malam, kwamfutarka tana ɗauke da bairos ɗin shotkot, ga yadda za ka gwada da filash marar komai." Takardar da za a buga gaba kuma, a mayar da ita PDF a tura masa ta waya, ko a ware filash ɗaya na zuwa shago wanda ba a ajiye komai a cikinsa sai kwafin abin da za a buga ranar.